VPN a Waifan Kafe: Abin da Yake Tsarewa da Inda Tsaronsa ya Ƙare

Mutane da yawa a Najeriya sun fara jin sunan VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, aka ruga ana sauke manhajoji don a bi ta bayan fage. An ɗage takunkumin a Janairun 2022, amma manhajojin sun zauna a wayoyi, tare da wata fahimta da masu talla suka yi ta shayar da mu: wai da zarar ka kunna VPN ka shige sulke, babu mai ganinka, babu mai taɓa ka. Aikin VPN bai kai haka ba. Yana tsare yanki guda ne na hanyar da bayananka ke bi, wato daga na'urarka zuwa sabar kamfanin da ka ɗauka. A kafe, inda kake raba waifai da baƙin fuskoki, wannan yanki yana da daraja. Sai dai yawancin asarar da ake tafkawa yau ba a cikinsa take faruwa ba, shi ya sa ya kamata mutum ya san daidai inda yankin ya fara da inda ya tsaya.

Me mai waifai yake gani idan babu VPN

A da can, amsar ita ce kusan komai. A watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki ɗan ƙari na burauzar Firefox mai suna Firesheep. Kowa ya sa shi ya zauna a kafe, sai hotunan mutanen da ke kan waifan su jeru a gefen allonsa. Ya danna hoto ɗaya, ya faɗa cikin Facebook ko Twitter na mai hoton ba tare da kalmar sirri ba. Dalili kuwa shafukan suna kulle kalmar sirri a lokacin shiga kawai, sannan su bar alamar da ke nuna cewa ka riga ka shiga tana yawo a buɗe. Tsoron waifan kafe da ake gada har yau daga wancan zamani ya samo asali.

Abubuwa sun canja. HTTPS, wato kullewar da ke tsakanin burauzarka da shafin da ka buɗe, ta zama ruwan dare, musamman bayan Let's Encrypt ta fara ba da takardun shaidar shafuka kyauta a 2015, kuma Chrome ta soma liƙa wa duk shafin da ba shi da kulle tambarin `Not secure` a 2018. Yanzu fiye da tara cikin goma na shafukan da ake buɗewa a Chrome kulle suke. Manhajojin banki da WhatsApp da Gmail ma haka. Saboda haka wanda ke zaune a teburin kusa ba zai karanta saƙonka ba, ba zai ga kalmar sirrinka ba, ko da ba ka kunna VPN ba.

Abin da ya rage yana kama da aika kaya ta tasha. HTTPS ta naɗe kwalin ta ɗaure tam, amma sunan wanda za a kai wa yana rubuce a bayansa, kuma duk ɗan kamashon da ke wurin ya ga girman kwalin da lokacin da aka kawo shi. Sunan yana fita ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce DNS: kafin wayarka ta buɗe shafi sai ta tambayi adireshinsa na lamba, kuma a bisa al'ada rawutar kafen take tambaya, a fili. Ta biyu ita ce gaisuwar farko tsakanin burauza da shafin, inda ake ambatar sunan shafin kafin kulle ya kama. Don haka mai rawutar, ko wanda ya yi masa kutse, zai iya sanin cewa na'ura kaza ta buɗe shafin banki kaza da ƙarfe huɗu da kwata, daga nan ta wuce shafin wani asibiti ta daɗe a can. Bai ga abin da aka karanta ba, amma ga ɗan jarida ko lauya ko mai neman maganin wata cuta da ba ya son a sani, wannan kaɗai ya isa tonon asiri. Abin da VPN ke yi shi ne ya sa kwalin cikin wani buhu ya ɗinke, ya rubuta suna guda a kai, sunan kamfanin VPN. Ɗan kamasho ya ga buhu ya fita, ya ga nauyinsa, bai san na wa ke ciki ba. Can a wajen kamfanin ake farke buhun a aika kowane kwali inda za shi.

Wani zai ce ai waifan nan yana da kalmar sirri, a jikin allo ma aka rubuta ta. Wannan bai warware komai ba. A tsarin WPA2, wanda shi ya fi yawa a shaguna, duk wanda ya san kalmar kuma ya kama lokacin da na'urarka ke haɗuwa da rawuta zai iya warware kullen iska da ke tsakaninku. Kalmar da kowane mai sayen shayi ya sani ba ta raba ka da sauran masu shan shayi. WPA3, da ya fito a 2018, ya toshe wannan kafa ta saurare daga gefe, amma ko da shi, mai rawutar kansa yana ganin abin da ya ratsa ta cikinta.

To a taƙaice ga ribar VPN a kafe: yana ɓoye sunayen shafukan da kake ziyarta daga mai waifai da maƙwabtan tebur, yana rufe ɗan abin da ya rage ba a kulle ba, kamar tsohon shafin makaranta ko na wata ma'aikata da har yanzu ke kan HTTP, kuma yana hana rawutar karkatar da kai zuwa shafin bogi ta hanyar ba ka amsar DNS ta ƙarya. Riba ce ta gaske, ba a raina ta.

Zama guda, daga shiga zuwa tashi

Mu ɗauki mai sayar da atamfa da leshi ta Instagram. Tana da laftof mai Windows da waya Android, ta shiga wani kafe a Abuja don ta amsa wa masu saye, ta duba imel, ta kuma tura wa dillalinta kuɗi. Tana da VPN na biya a na'urorin biyu.

Aikin farko tun a gida ake yinsa. A can za ta sauke manhajar daga Play Store ko shafin kamfanin na ainihi, ta shiga asusunta, ta gwada. A wayar za ta buɗe `Settings`, ta nemi `VPN`, ta danna alamar saiti da ke gefen sunan manhajar, ta kunna `Always-on VPN` da `Block connections without VPN`. Wurin da suke yana ɗan bambanta tsakanin Samsung da Tecno da Infinix, amma rubuta VPN a akwatin neman saiti yana kai mutum. Na farkon yana tayar da VPN da kansa, na biyun kuma yana hana kowace manhaja fita intanet idan VPN ya faɗi. A laftof, makwafin wannan yana cikin manhajar VPN kanta, da sunan `Kill switch`. Idan manhajar ta ba da zaɓin tsarin haɗi, WireGuard ko OpenVPN ko IKEv2 duk sun yi. PPTP kuwa tsohon yayi ne da aka daɗe da fasa shi, Apple ma ta cire shi daga na'urorinta tun 2016. A burauza sai ta kunna `Always use secure connections` idan Chrome ce, ko `HTTPS-Only Mode` idan Firefox ce, don a gargaɗe ta kafin a buɗe shafin da ba kulle.

Da ta zauna ta duba jerin waifai, sai ta ga biyu: `Cafe_Guest` da `Cafe_Guest_Free`. Nan ne wurin tsayawa a tambayi ma'aikacin wurin wanne ne nasu. Ƙirƙirar waifai mai kowane suna ba ya buƙatar komai sai waya ko ɗan akwati da zai shiga aljihu, kuma na bogin yakan fi ƙarfi don mai shi yana kusa da kai. Tambayar ba ta gama magance matsalar ba, tun da mai wayo zai kwafi sunan harafi da harafi, amma tana kawar da masu garaje. Idan Windows ta tambaya wane irin layi ne wannan, amsar ita ce `Public network`, domin hakan ke rufe raba fayil da firinta ya kuma ɓoye laftof ɗin daga sauran na'urorin da ke wurin. Wannan ba aikin VPN ba ne, aikin katangar Windows ne, kuma mutane suna yawan mantawa da shi.

Sai shafin maraba ya fito, wanda ke cewa a amince da sharuɗɗa ko a sa lambar da ke kan rasit. Wannan shi ne wuri mafi rauni a zaman gaba ɗaya, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. VPN ba zai iya haɗuwa ba sai an wuce shafin, domin kafin nan rawutar ba ta barin komai ya fita. Sau da yawa ma dole ta kashe `Kill switch` na ɗan lokaci kafin shafin ya buɗe. Ke nan akwai minti ɗaya ko biyu da take tsaye ba kariya, tana kallon shafin da mai waifai ne ya rubuta duk abin da ke kansa. A 2024 'yan sandan tarayyar Ostireliya sun gurfanar da wani mutum bisa zargin kafa waifan bogi a filayen jirgi da cikin jirage. Dabarar ba ta ƙunshi fasa wani kulle ba. Shafin maraba ne kawai ke cewa a shiga da imel ko asusun sada zumunta, mutane kuma suka riƙa rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu. Shekaru goma kafin nan, a 2014, kamfanin Kaspersky ya fallasa wani gungu da ya kira Darkhotel, masu bin manyan 'yan kasuwa a otal-otal na Asiya, suna nuna musu sanarwar sabunta manhaja ta ƙarya da zarar sun hau waifan otal. Babu VPN da zai hana ko ɗaya daga cikin biyun.

Dokar shafin maraba gajeriya ce. Lambar rasit ko lambar ɗaki ko danna amincewa, babu laifi. Idan ya nemi adireshin imel kawai, a ba shi wanda ba a damu da shi ba. Amma idan ya nemi kalmar sirrin Gmail ko Facebook, ko lambar katin banki, ko ya ce a sauke wata manhaja, ko a amince da wata takardar shaida ko furofayil, a cire haɗin nan take. Takardar shaidar ita ce mafi muni, domin amincewa da ita tamkar ba mai waifai izinin buɗe HTTPS ɗinka ne, kuma tana zama a na'urar bayan an bar wurin. Kafin ta hau waifan ma, gara ta rufe manhajar imel da sauran abubuwan da ke aiki a bayan fage a laftof, don kada su yi ta magana a wannan ɗan tsakani.

Ta wuce shafin. Yanzu ta kunna VPN, ta mayar da `Kill switch`, sannan ta tabbatar. Launin kore da kalmar `Connected` ba hujja ba ce, gwaji ne hujja. Kafin kunnawa ta buɗe `ifconfig.me` a burauza, ko ta rubuta wannan a `Command Prompt`:

```
curl ifconfig.me
```

Zai nuna adireshin da duniya ke ganinta da shi, a ce `203.0.113.45`, wanda na kafen ne. Bayan kunnawa ta sake. Dole lambar ta canja. Idan ba ta canja ba, VPN bai ɗauki zirga-zirgarta ba, komai koren da manhajar ke nunawa. Gwaji na biyu na DNS ne: ta buɗe `dnsleaktest.com` ta danna `Extended test`. Idan sunan kamfanin da ke ba kafen intanet ya fito a sakamakon, MTN ne ko Airtel ko Spectranet ko Starlink, to tambayoyin DNS suna zurarewa ta gefe, mai rawutar yana ci gaba da ganin sunayen shafukanta, ribar da ta fi girma ta tafi ke nan. Maganin yawanci yana cikin saitin manhajar, inda ake tilasta amfani da DNS na kamfanin VPN. Shafin `ipleak.net` kuma yana nuna ko adireshin IPv6 yana fita ta waje, matsalar da ke samun manhajojin da suka kula da tsohon tsarin adireshi kaɗai.

Akwai gwaji na uku da ba kasafai ake yi ba, alhali shi ya fi kama da rayuwa. Ta rufe murfin laftof ta tafi salla ko ta karɓo abinci, ta dawo ta buɗe. Waifai yakan riga VPN farkawa da daƙiƙa kaɗan. Idan ta sabunta `ifconfig.me` nan take ta ga lambar kafen, `Kill switch` ɗinta ba ya aikinsa. Abin da ya kamata ta gani shi ne shafin ya ƙi buɗewa har sai VPN ya dawo. A lura kuma, a wasu manhajojin wannan kariya tana aiki ne idan haɗin ya yanke da kansa kawai, ba idan mutum ya danna `Disconnect` da hannunsa ba.

Ta amsa saƙonni, ta duba imel, komai lafiya. Da ta zo tura kuɗi sai manhajar bankin ta ƙi shiga, ko ta nemi ƙarin tabbaci. Hakan na faruwa, domin banki ya ga asusun da kullum ke shiga daga Najeriya ya ɓullo daga Amsterdam. Idan kamfanin VPN yana da saba a Legas, zaɓarta yakan warware matsalar, ya kuma rage jinkiri. Idan babu, kuskuren da ake yi shi ne a kashe VPN a ci gaba a kan waifan. Abin da ya fi shi ne ta kashe waifai a wayar gaba ɗaya, sannan ta kashe VPN, ta yi aikin bankin da datar layinta, wanda ba zai ci abin kirki ba. A wayar da aka kunna `Always-on VPN` da `Block connections without VPN` sai ta sassauta su na wannan ɗan lokaci, ta mayar in ta gama. USSD kuwa, lambobin nan masu farawa da tauraro, ba ya bin intanet sam, haka ma lambar tabbaci da ke zuwa ta saƙon tes. Waifai bai shafe su ba, VPN ma bai shafe su ba.

Abin da ya rage bayan an yi komai daidai

A ce a cikin imel ɗin da ta duba akwai wanda ya ce Instagram za ta rufe shafinta saboda keta haƙƙin mallaka, ta danna nan ta kare kanta. Ta danna, shafi ya buɗe da tambarin Instagram, yana da HTTPS kuma, domin ɓarawo ma yana samun takardar shaida kyauta kamar kowa. VPN zai ɗauki kalmar sirrinta ya kai wa ɓarawon a kulle, cikin aminci. Kulle yana tabbatar da cewa babu wanda ya leƙa a hanya, ba ya tabbatar da halin wanda ke ɗaya ƙarshen. Wannan na cikin dalilan da suka sa Chrome ta cire alamar kwaɗo daga gefen adireshi a 2023, don mutane sun ɗauke ta a matsayin shaidar gaskiyar shafi. Abin da ke tsare mutum a nan shi ne karanta adireshin da kyau, da tabbaci mai mataki biyu, da manhajar ajiyar kalmomin sirri, wadda ba ta yarda ta cika kalma a shafin da adireshinsa bai dace ba ko da ido ya ruɗu.

Haka idan na'urar kanta ta riga ta kamu. Manhajar leƙen asiri da ta shigo ta wani fayil na APK da aka turo a WhatsApp, ko ta Windows ɗin da aka fasa, tana ɗaukar abin da aka rubuta kafin ya isa wurin kullewa. Wannan ya fi tsanani a shagon intanet inda ake hawa kwamfutar shago don cike fom ko buga takarda. VPN ɗin da ke wayarka ba shi da hurumi a can, kuma ko an sa wani a kwamfutar, ba ka san abin da ke naɗar madannai a cikinta ba. Kada a shiga banki ko babban imel a kwamfutar da ba taka ba. Sannan akwai idon wanda ke bayanka da kyamarar da ke saman kanta, da laftof da aka bari a buɗe aka zagaya.

VPN kuma ba ya mayar da mutum marar suna. Tana cikin asusunta na Google da Instagram, sun san ita ce ko daga ina ta ɓullo, kuma wayar tana da GPS da ba ruwansa da adireshin intanet. Mai kafen shi ma ya san tana amfani da VPN, ya san lokacin da ta hau da yawan datar da ta ja.

Ita kanta hanyar VPN ɗin ana iya kauce mata. A watan Mayun 2024 masu bincike na Leviathan Security Group sun bayyana wata dabara da suka kira TunnelVision. Duk na'urar da ta hau waifai tana karɓar adireshi da umarnin hanya daga wata hidima mai suna DHCP. A cikin umarnin akwai zaɓi mai lamba 121, wanda ke ba mai layin damar cewa zirga-zirgar wuri kaza ta bi ta nan. Mugun mai layi zai iya amfani da shi ya janye zirga-zirgar daga cikin VPN, alhali manhajar tana nuna `Connected`, kuma tun da haɗin bai yanke ba, `Kill switch` na yawancin manhajoji ba ya motsawa. Windows da macOS da iOS da Linux duk suna karɓar wannan zaɓi. Android ba ta karɓarsa, don haka ta tsira. Wasu kamfanonin sun toshe kafar da dokokin katanga, ta yadda zirga-zirgar da aka janye za ta tsaya cik maimakon ta fita a buɗe, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na sabunta manhajar a kai a kai. Bai kamata a firgita fiye da kima ba: ko an yi nasarar harin, abin da ya fita yana nan cikin HTTPS, sunayen shafuka ne suka tonu. Amma wanda sunayen shafukan ne sirrinsa, kamar ɗan jarida mai bincike, gara ya haɗa laftof da hotsifot na wayarsa ya sa VPN a kai.

Saura babbar tambaya, wadda a ganina ta fi duk na baya nauyi: wa ka miƙa wa amanar? Duk abin da mai kafe zai gani a da, yanzu kamfanin VPN ke ganinsa, kuma ba na zama guda ba, na kowane wuri da ka kunna shi. A 2016 wasu masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta Ostireliya, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle zirga-zirgar kwata-kwata, kashi 66 suna zurarar da DNS, kashi 38 kuma an sami alamun muguwar lamba a cikinsu. Binciken ya tsufa, amma dalilin da ya haifar da sakamakon bai tsufa ba: saba tana cin kuɗi, wanda bai karɓa daga hannunka ba yana karɓa daga wani wuri. Facebook ta taɓa mallakar VPN na kyauta mai suna Onavo, tana nazarin manhajojin da mutane ke amfani da su ta cikinsa, har aka fitar da shi daga shagon Apple a 2018. A 2015 an gano Hola tana sayar da layin masu amfani da ita ga wasu, wato baƙo ya fita intanet da adireshinka. Wanda ya sa irin waɗannan don tsoron mai kafe ya gudu daga ruwa ya faɗa kogi ne.

Wajen zaɓe, a duba ko an san masu kamfanin da ƙasar da yake, ko wani kamfanin bincike mai zaman kansa ya duba iƙirarinsa na rashin ajiye bayanai an kuma wallafa rahoton, ko lambar manhajar a buɗe take kowa ya duba. Mullvad da IVPN da Proton VPN suna cikin waɗanda suka cika waɗannan sharuɗɗa, kuma Proton na da tsarin kyauta da masu biya ke ɗaukar nauyinsa. Manhajar da ke neman izinin shiga lambobin waya ko saƙonni ko hotuna, a cire ta, VPN ba ya buƙatar ko ɗaya. Haka manhajojin nan da ake yaɗawa da sunan burauzin kyauta, masu zuwa da fayil ɗin saiti daga wani zaure na Telegram: suna amfani da ƙofar VPN ta wayar, amma sabar wani ce da ba ka san ko wane ne ba. Idan kuma wurin aikinka ne ya ba ka VPN, ka tambayi masu kula da shi ko duk zirga-zirga yake ɗauka ko ta ofis kawai, domin da yawa an saita su su bar sauran su bi waifan da kake kai.

Da mai atamfar ta gama, kafin ta rufe laftof sai ta shiga jerin waifai ta danna `Forget` a kan sunan kafen, a wayar ma haka. In ba ta yi ba, na'urar za ta riƙe sunan, kuma duk ranar da ta ji wani buɗaɗɗen waifai mai wannan suna, a tasha ne ko a filin jirgi, za ta iya hawa da kanta tana cikin jaka. Idan wuri ne da take yawan zuwa kuma ba ta son sake rubuta kalmar kullum, ta bar sunan amma ta cire alamar `Connect automatically` a Windows da `Auto-connect` a wayar.